Hoton takardar ƙirgen kaya: yaya za a mai da shi jadawali?

Hadiza: Salamu alaikum mutanen zaure. An turo mini hoton takardar ƙirge daga magazarmu ta wajen kasuwar Dole, rubutun hannu da bik, layi 40. Alhaji yana son jadawali mai gida uku: sunan kaya, ma'auni, da adadin da aka ƙirga. Wace hanya ce ba ta ɓata lambobi?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ta yaya hoton ya iso gare ki? In ta WhatsApp aka turo shi a matsayin hoto, an matse shi, siraran layuka sun dushe, kuma da su ake bambance 1 da 7. A ce wa mai magaza ya sake ɗauka: ya shimfiɗa takardar a kan tebur a bakin ƙofa inda akwai hasken rana, ba fitilar waya ba, domin tana ƙyalli a kan tawada. Ya riƙe wayar a saman takardar daidai, kada ya karkata ta, kusurwoyi huɗu duka su fito. Sannan ya turo ta wurin `Document`. Layi 40 sun yi yawa ga hoto guda, gara biyu: rabin sama da rabin ƙasa, layi ɗaya ya maimaitu a duka biyun don a san ba a tsallake komai a tsakani ba.

Lawali: Ai abu mai sauƙi ne. Google Lens yana karanta rubutun hannu. Ki kwafe, ki liƙa a Excel, shi ke nan.

Malam Isuhu: Yana karantawa, Lawali, amma rubutu yake kwasowa, ba jadawali ba. Sau da yawa sai ya jero sunayen kaya duka, sannan lambobin su biyo baya. Layi ɗaya ya zama babu lamba, sai duk na ƙasansa su zame, adadin sukari ya koma na shinkafa, kuma ido ba ya kama wannan don kowace lamba tana kama da gaskiya. Ni abin da nake bayarwa shawara: a bar shi ya kwaso sunaye kawai, in rubutun mai kyau ne. Lambobi 40 kuwa a buga su da hannu, bai kai minti goma ba. Shi ma Excel yana da hanyar cire jadawali daga hoto, amma da takardar da inji ya buga ya fi aiki.

Hadiza: To ga layuka biyar da suka tsaya mini, kamar yadda suke:

```
Sucre 50kg      sac   12
Riz 25kg         "    4 1/2
Savon           crt   3 + 7
Huile 25L       bid   -
Tomate bte            1?
```

Malam Isuhu: Madalla, kusan duk matsalolin suna cikin waɗannan. Alamar nan ta ƙarƙashin `sac` tana nufin "kamar na sama", don haka ki rubuta buhu a fili. Kada a bar ta a jadawali, domin da zarar an jera kaya bisa haruffa, na samanta ya canja. Ki zaɓi suna ɗaya ga kowane ma'auni, buhu, karto, bido, guda, ki tsaya a kansa har ƙasa. Nauyin kuma, 50kg ko 25kg, ya zauna cikin sunan kaya, tunda shinkafa mai kilo 25 da mai kilo 50 kaya biyu ne daban.

Shinkafar ki rubuta `4,5` in na'urarki da Faransanci take, `4.5` in da Ingilishi. Ki kiyaye rabin: wanda ya buga `1/2` shi kaɗai a akwati, Excel na Faransanci zai mai da shi ranar 1 ga Fabrairu. Alamar da za ki duba: lamba ta gaskiya tana jingina dama a akwati, wadda na'ura ta ɗauka rubutu ce tana jingina hagu.

Sabulun shi ne babba. Karto 3 da guda 7 ke nan. Na'ura tana iya karanta shi 37, mai gaggawa kuma ya tara ya ce 10, duka biyun kuskure ne. Ki raba shi layi biyu: na farko sabulu, karto, 3; na biyu sabulu, guda, 7.

Sani: A nan ban bi ka ba, Malam. Layi biyu ga kaya ɗaya yana rikita lissafi in an zo gwadawa da littafin shiga da fita. In karton guda 48 ne, 3 sau 48 ya ba da 144, a ƙara 7, 151. Layi ɗaya, a guda.

Malam Isuhu: Lissafinka daidai ne in 48 ɗin daidai ne. Amma takardar ba ta faɗi haka ba, kuma yawan abin da ke cikin karto ya danganta da iri da girman sabulun. An nemi adadin da aka ƙirga. In ta rubuta 151, gobe Alhaji ya ɗauki takarda ya nemi 151, ba zai gani ba. Ninkawa a yi ta a gida na dabam, bayan an tabbatar daga jikin karton.

Sani: Har yanzu ina ganin layi ɗaya ya fi, a sa "3 + 7" a gidan bayani a gefe. Amma na yarda sai an duba karton.

Hajiya Rabi: Ni fa nawa hatsi ne. Buhun gero da aka buɗe aka sayar da wani abu, tiya nawa zan ce ya rage?

Sani: Hajiya, wannan aikin awo ne, ba na kwafa ba. A auna da tiya a rubuta. Amma dokar ɗaya ce: cikakkun buhuna layinsu daban, tiyoyin buɗaɗɗen buhu layinsu daban.

Hadiza: Man fa, da aka ja wa layi? In sa sifili?

Malam Isuhu: A'a, ƴata, sai kin tambaya. Wani in ya ja layi yana nufin babu ko ɗaya, wani yana nufin bai kai ga ƙirgawa ba. Kika sa 0 alhali bido 9 na nan bayan buhuna, za a ce kaya sun ɓace, kuma wuyan mai magaza za a kama. Ki bar akwatin fanko, ki shafa masa launi. Haka tumatirin: ba ma'auni, kuma lamba ta biyu ba ta karantuwa. Kada ki yi hasashe. Da farko ki duba yadda mai rubutun yake yin lambobinsa a sauran layuka. Wanda ya yi lakwal a nan yana yi wa 1 doguwar ƙugiya, ya ratsa 7 da layi a ciki. In ratsin bai fito a hoto ba, sai su zama tagwaye. In bai warware ba, ki yanko wurin daga hoton ki tura masa, ki tara tambayoyin duka a saƙo ɗaya.

Lawali: To ta yaya za ta san ba ta yi kuskuren bugu ba?

Malam Isuhu: Gwaji biyu. A Excel na Faransanci, in sunaye suna gidan A, adadi yana gidan C, kaya kuma sun fara daga layi na 2:

```
=NBVAL(A2:A42)
=NB(C2:C42)
=SOMME(C2:C42)
```

Na farko yana ƙirga sunaye, na biyu lambobi na gaskiya kawai. Da sabulu ya zama layi biyu, sunaye 41 ne. Lambobi su zama 39, saboda akwatin man da na tumatirin fanko ne. In ya nuna 38, akwai inda harafin O ya shiga a madadin sifili, ko ɗigo a madadin waƙafi. Na uku kuma, ki tara lambobin daga hoton da kalkuleta, ba tare da kallon jadawalin ba, ki gwada. Jimillar buhu da bido a haɗe ba ta da wata ma'ana, don kama kuskure kawai ake yin ta. Bambancin 6 ko 60, ki nemi 1 da 7. Bambancin da 9 ke rabawa, galibi an juya lamba ne, 45 ya zama 54.

Sani: Amma wannan ba ya kama zamewar layi, jimilla ba ta canjawa.

Malam Isuhu: Gaskiya ne. Wannan sai mutum biyu: ɗaya ya karanta suna da adadi daga hoto da babbar murya, ɗaya ya bi jadawali da yatsa.

Hadiza: Na tura masa tambayoyin. Ya ce man bai ƙirga ba, tumatir karto 17 ne. Sabulun na bar shi layi biyu har Alhaji ya faɗi wanda yake so.