Daidaita rubutu da sauti don gano lokacin kowace kalma

Tambayar ita ce, idan mutum yana da sautin magana ko waƙa tare da rubutunsa, yaya zai gano lokacin da aka furta kowace kalma? Mafi yawan shawarwarin da aka bayar sun taru a kan cewa kada a sa na'ura ta sake rubuta abin da aka faɗa alhali rubutun yana hannu. A yi amfani da manhajar da ke ɗora kalmomin a kan sautin, irin su Montreal Forced Aligner, wadda take fitar da fayil ɗin TextGrid mai nuna farkon kowace kalma da ƙarshenta.

An fi jan hankali a kan gyaran rubutun, domin manhajar ba ta gardama, duk abin da aka ba ta sai ta nema masa gurbi. Idan mawaƙi ya maimaita amshi sau 3 amma aka rubuta shi sau ɗaya, za ta ja kalmomin su rufe wurin, kuma kuskuren ya bi baitukan da ke gaba. Alamar hakan ita ce a ga gajeriyar kalma ta ɗauki daƙiƙa 6, maƙwabtanta kuma sun cunkushe. Saboda haka a rubuta kowane maimaici, a mayar da lambobi kalmomi yadda aka furta su.

Waƙa ta fi magana wahala, tunda kiɗa yana rufe murya kuma mawaƙa suna jan wasula. Wasu sun ce a fara ware muryar da Demucs, manhajar raba murya da kiɗa, sannan a yanka dogon sauti gajeru-gajeru, ko da yake wani ya ce warewar takan cinye baƙaƙe marasa ƙarfi, don haka a buɗe sakamakon a Praat, manhajar nazarin sautin magana, a saurara.