K da M a dashbod: wai babu abin da ake rasawa?

Sadiq: Jama'a ni dai ra'ayina duk lambar da ta wuce dubu a dashbod a mayar da ita K ko M kawai, ba abin da ake rasawa, ido ma ya huta. Wa ke da ja?

Hajiya Binta: Ni ina da ja Sadiq. Ɗauki shago biyu, ɗaya ya yi cinikin 1,240,000 ɗaya 1,160,000, duka za su fito 1.2M, ka ga dubu tamanin ta ɓace a ido. Kuma in shago uku ne kowanne 1,240,000 za ka ga 1.2M sau uku amma jimla ta nuna 3.7M, sai oga ya danna kalkuleta ya samu 3.6 ya ce lissafinka ne ya karye, alhali jimlar gaskiya 3,720,000 ce.

Sadiq: To ai a jikin giraf nake nufi Hajiya, sandar ai tana nuna bambancin tsawo

Hajiya Binta: A gefen giraf na yarda, 500K, 1M, 1.5M lambobi ne cikakku. Tebur ɗin da za a biya mutane kuɗi da shi ne ban yarda ba.

Dan Gwandu: wai k ɗin kwabo kuke magana? don mu a rasit k kwabo ne

Mubarak: 😂 dubu ake nufi yallaɓai, amma maganarka na kan hanya, shi ya sa in naira ce gara a rubuta a saman giraf cewa K dubu ce. Ni dai a Excel wannan nake sawa a Custom:

```
[>=1000000]0.0,,"M";[>=1000]0.0,"K";0
```

kowace waƙafi tana raba lambar da dubu a ido kawai, ainihin lambar na nan a cikin sel. Ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Injiniya Rabi: Mubarak rubuta 999,960 a ciki ka gani. Zai ba ka 1000.0K maimakon 1.0M, saboda sharaɗin yana duba lambar tun kafin a zagaye ta, ita kuma ba ta kai miliyan ba. Ka ɗan gyara ta nan, sharaɗin farko ya koma `[>=999950]`. Sannan gwada asara, -2,500,000 ba ta cika sharaɗi ko ɗaya ba don haka za ta fito da tsawonta a tsakiyar su M.

Mubarak: kai, 1000.0K ɗin ya fito kuwa

Injiniya Rabi: Abin da ya fi damuna ma haɗa K da M a layi ɗaya ne, mai sauri zai ga 950K ya ɗauka ta fi 1.2M. Ni sai in sa duka a M, 0.95M da 1.20M.

Sadiq: Anti Rabi to ƙaramin shagon da ya yi 4,000 fa? 0.00M zai nuna kamar bai buɗe ba

Injiniya Rabi: To sa duka a K, 4K da 1,200K.

Sadiq: 1,200K kuma? ai tsawon da muke gudu ne ya dawo, a waya ba zai shiga kan sandar ba