Shan ruwa kafin abinci: abin da aka tattauna a taƙaice

Na harhaɗa abin da mutane suka faɗa kan ko shan ruwa kafin abinci yana rage ci da ƙiba.

1. Kusan kowa ya yarda yana ɗan dakushe yunwa. Ruwan yana buɗa ciki, sai jijiyoyi su kai wa ƙwaƙwalwa saƙon an fara ƙoshi. Amma ba ya daɗewa a ciki, shi ya sa yunwar kan dawo.

2. Adadin da aka fi ambata: rabin lita, minti 30 kafin a ci. An kawo binciken da aka yi a Amurka a 2010, inda masu shekara 55 zuwa 75 suka rage abinci na mako 12. Waɗanda suka ƙara da shan ruwan sun fi sauran raguwa da kusan kilo 2.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce matasa ba sa ganin amfaninsa sosai, domin cikinsu ya fi saurin wucewa da ruwan. Wasu kuma sun ce ya yi musu aiki. Wata ta ce tana shan ruwan amma tana cinye abin da ta saba zubawa, sikeli kuma bai motsa ba. Ni a nan nake ganin gizo ke saƙa: ruwa ba ya narkar da kitse, sai in cin ya ragu.

4. Wanda ya bar lemon kwalba ya koma ruwa, shi ya fi cin riba.

5. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa, kada ya ƙara sai ya tambaye shi.