Wanda ya taɓa rubuta abin da ya zuba a cacar ƙwallo, me lissafinsa ya nuna?

Na Ringim: Assalamu alaikum. Bara na sayi littafin makaranta, na ja layi huɗu: rana, wasa, abin da na zuba, abin da ya dawo. Tikitin da ya faɗi sai in sa sifili. Daga Agusta zuwa wata Agustar na zuba ₦312,000, wato dubu shida duk mako, abin da ya dawo kuma ₦241,000. Asarar ₦71,000 ke nan. Wallahi kafin in haɗa da za ka tambaye ni cewa zan yi ina kan riba, don ranar da na ci ₦85,000 ita kaɗai ce ta zauna min a rai. Asabar ɗin da na tashi a tutar babu duk na manta su. Akwai wanda ya gwada?

Ɗan Bichi: Yaya, ni ban wahalar da kaina ba. Abin da na tura da abin da na cira kawai nake rubutawa.

Malamin firamare: Hakan ma yana fitar da gaskiya, ƙanena, muddin ka haɗa da ragowar da ke cikin asusun, ka cire garaɓasar da ba ta ciruwa. Inda aka fi ruɗuwa shi ne wanda ya zuba ₦1,000 aka ba shi ₦1,900, sai ya rubuta duka a riba, alhali ₦900 ce, dubun ai tasa ce. Ku duba kuma: idan ɓangare biyu ne kowanne a 1.90, ka sa dubu-dubu a duka biyun, ₦2,000 ta fita, ₦1,900 ta dawo. Wannan ɗarin rabon kamfani ne, kashi 5 cikin ɗari. Ka jera wasa goma irin wannan a tikiti ɗaya, rabonsu ya kai kusan kashi 40.

Mai Shayi: To littafin zai nuna min ƙungiyar da zan riƙa bi?

Malamin firamare: A'a, abin da ya wuce yake nunawa. Wata biyu na sa'a ma ba ya nuna gwaninta.

Na Ringim: Malam, ka sa na sake buɗe littafin. Ashe ban sa ladan mai tura kuɗi ba, ₦100 sau biyu a mako, ₦10,400 a shekara. Ta zama ₦81,400.

Na Gumel: Nawa littafin a wata na uku ya tsaya. Ranar da na sayar da riɗi na bi asara da ₦40,000, hannuna ya kasa rubutawa. Har yau shafin fari ne, kuma mai ɗakina ba ta sani ba.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, caca haramun ce, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Kai Na Ringim, da ka ga lissafin, ka daina?

Na Ringim: Baba, mako bakwai ke nan ban zuba ba. Ku sa ni a addu'a, ranar Lahadi akwai babban wasa.