Girar amarya ta ƙi zama a hoto

Maman Hanif, Asawase: Salamu alaikum ƴan uwa, a taimaka min. Na ɗauki hoton amarya a Aboabo, girarta ba kauri, ta hagu ma daga tsakiya zuwa wutsiya kusan ba gashi. Na cike a Photoshop amma ta fito kamar an ja da maka. Yaya zan yi?

Ɗan Kejetia: Hajiya kwafo ta dama kawai, `Flip Horizontal`, ki manna a hagu, an gama.

Baba Situdiyo: Kai yaro a hankali. In hasken ya zo daga gefe ɗaya, ka juya gira ka juya hasken ma, kuma fuska ba ta yin iri ɗaya sak, mai kallo zai ji wani abu bai yi ba ko bai san mene ne ba.

Ƴata, ina zargin baƙi wuluk kika sa. Buɗe sabuwar leya, ɗauki burushi, danne `Alt` ki ɗebo kala daga gashin girarta na gaske, wuri biyu, mai duhu da mai ɗan haske. Burushi fiksel 1 ko 2, gwargwadon kaurin gashin da kike gani in kin yi zum. In maus gare ki, shiga `Shape Dynamics` ki sa `Control` a `Fade` don bakin silin ya sirance. Sai ki ja ɗaya-ɗaya, kusa da hanci gashi sama yake kallo, tsakiya ya kwanta, wutsiya ya gangara wajen kunne, kuma kar ki jera su kamar matajin kai, wasu su hau kan wasu, ki bar fata tana leƙowa.

Abin da mutane ke mantawa, zanenki ya fi hoton kaifi. Ki ba leyar `Gaussian Blur` kamar 0.3 zuwa 0.5, ɗan `Add Noise`, ki rage `Opacity` har ya saje da gashin idonta. Koma zum 100%, in girar ce ta fara shiga idonki kafin idon amarya, ta yi yawa.

Anti Rabi: Ni dai man darbejiya nake shafawa da dare

Ɗan Kejetia: Anti hoto ake magana 😂

Maman Hanif: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To wutsiyar a ina zan tsaya?

Baba Situdiyo: Ja layi daga gefen hanci ya bi ta ƙarshen ido, inda ya kai nan ne iyaka. Amma in ta ɗan juya kai, girar nesa gajeruwa take, kar ki ja ta ta kamo ɗayar.

Sista Zee, Nima: Ni mai kwalliya ce, wannan layin ba kowa yake yi wa kyau ba Baba. Maman Hanif ta nemi tsohon hoton amaryar da jagira ta bi shi, kar dangin ango su ce an canza musu amarya.