Dillaliyata da Kuɗin Wuri: Ina Neman Shawara

Hajara: Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin wata dillaliya da na ƙirƙira, a birnin Zazzau zamanin Sarki Kwasau, wajen 1899. Na yi shafi guda ina bayanin yadda ake ciniki da kuɗin wuri, amma da na sake karantawa sai na ji kamar darasin aji. Yaya zan yi?

Malam Tanimu: Wa alaikumus salam. Na taɓa faɗawa wannan ramin. Na cika shafi biyu da jerin ƙofofin birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, kuma da na karanta a taron marubuta, wani dattijo ya tambaye ni inda jarumin ya shiga tun ɗazu. Kuskurena shi ne na sa haifaffen birni yana kallon ganuwa kamar baƙo, alhali wanda yake wuce ta kullum ba ya ganinta. Ke ma dillaliyarki ba za ta bayyana wa kowa kuɗin wuri ba, amma za ta yi rigima a kansa. Ki sa mai sayen zane ya zube kuɗinsa a tabarma, tana jan su biyar-biyar da yatsu tana tarawa, la'asar na ƙaratowa, sai ta ga tari ɗaya bai cika ba. Daga gardamar mai karatu zai fahimci cewa ƙirga ake yi, kuma aikin yana cin lokaci. Idan cinikin ya kai keso, wato zambar ashirin, ki kawo ɗan dako yana ƙorafin nauyi.

Bashir: Ni a ganina ki bar bayanin, ki mayar da shi ƙarshen littafi tare da ma'anar kalmomi.

Malam Tanimu: Wannan zai taimaki ɗalibi, amma mai karatu ba ya barin tsakiyar rigima ya tafi shafin ƙarshe.

Anti Rakiya: Kakata tana yawan ba mu labarin sule da ahu da anini. Me zai hana ki yi amfani da su, tunda an fi saninsu?

Hajara: Anti, ai Turawa ba su kama Zariya ba sai 1902, saboda haka anini bai iso kasuwar dillaliyata ba.

Malam Sabo: Akwai abin da kuka tsallake. Mutanen lokacin kuɗi kawai suke cewa, domin wuri ƙwaya ɗaya ce, jam'inta kuɗi. Idan dillaliya ta ce "kuɗin wuri", bakin marubuciya ne ya fito.

Bashir: To, Malam, idan ta ce "kuɗi zambar ashirin", yaron Samaru naira zai ɗauka.

Malam Sabo: Sai ya ji ƙararsu a tabarma tukuna, kafin a ambaci adadin.

Hajara: Zan gwada haka, amma ina jin sau ɗaya dai sai na rubuta "wuri" a bakin mai ba da labari.