Surace da shayin citta don ciwon maƙogwaro: wa ya gwada, me ya gani?

Maman Sadiƙ, wajen Ringim: Assalamu alaikum. Tun da hunturun nan ya kama, tari da kaushin maƙogwaro suka zagaye gidanmu. Ni dai da na ji alama nakan tafasa ganyen darbejiya da na turare, in lulluɓa da bargo in yi surace, kuma ina jin sauƙi. Yanzu Sadiƙ ne, shekararsa huɗu, kwana biyu ke nan yana kuka in zai haɗiyi tuwo. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce a yi masa suracen shi ma. Zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda ya taɓa yi wa yaro don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Malam Habu, Gezawa: Wa alaikumus salam. Ni shayi nake yi. Ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar babban yatsa, a daddaka, a tafasa a kofi biyu na ruwa kamar minti goma. A sauke, sai ya huce ya zama ɗumi-ɗumi sannan a matsa rabin lemon tsami a zuba zuma cokali ɗaya. Ranar kasuwa in na shaƙi ƙura, shi nake sha safe da dare, kwana uku na warware. Yana kashe ƙwayar cutar ne tun daga tushe.

Hajiya Ladi, ƙasar Dambatta: 'Yata, kada ki sa yaron nan ƙarƙashin bargo da tukunya. Ni na yi, kuma har gobe ina nadama. Bara jikata, shekararta uku, na ɗora ta a cinyata na lulluɓe mu da zane, tukunyar tana tsakanin ƙafafuna. Tururin ya buge ta, ta zabura ta yi shuri, ruwan ya kife mata daga gwiwa zuwa idon sawu. Cikin ruɗewa wata maƙwabciya ta shafa mata man goge baki, wata ta fasa ƙwai. A asibiti sai da suka kankare duk wannan kafin su wanke ciwon, ihun da yarinyar ta yi ba zan manta ba. Kusan wata guda muna zirga-zirgar wankin ciwo, kuma murar da ake yi wa maganin tun satin farko ta tafi da kanta. Tabon yana nan.

Anti Binta, ma'aikaciyar lafiya a karkarar Jigawa: Allah Ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Irin wannan ƙunar muna ganinta a lokacin sanyi, ita da ta faɗawa kaskon wuta. In ta faru, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na randa ko na famfo har minti 20, a cire rigar in ba ta manne ba, a rufe da tsumma mai tsabta a taho. Ban da ƙanƙara, ban da manja, ban da shafa komai.

Maganar surace kuwa, an gwada shi a kan masu mura, aka haɗa sakamakon gwaje-gwajen, ba a samu tabbacin cewa yana rage kwanakin ciwo ba. Sauƙin da Maman Sadiƙ take ji gaskiya ne, danshi yana sanyaya maƙogwaron da iskar hunturu ta busar, amma na ɗan lokaci ne. Tururin da zai kashe ƙwayar cuta sai ya fara dafa naman hancin mutum. Babba in ya ga dama ya yi, ya sauke tukunya ta ɗan huce tukuna. Yaro kam a'a, mai farfaɗiya ma a'a, mai asma kuma ƙamshin ganyen turare ko man zafi yana iya tayar masa da ita.

Malam Habu, shayinka yana da kyau, sai dai ba ya kashe komai. Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, cikin mako guda yake wucewa ko an sha magani ko ba a sha ba. A cikin kayan haɗinka zuma ce ta fi samun shaida, tana ɗan rage wa yara tarin dare. Amma jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi ko ɗis, tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke shanye jikin jariri.

Malam Habu: Anti, na karɓi ta jariri, wannan ban sani ba. Amma in ban sha ba sai na yi sati ina fama, in na sha kwana uku. Jikina ne, na gwada ba sau ɗaya ba.

Ladan Isiya, ƙasar Kazaure: Ni muryata ce take dushewa da asuba. Wani ya ce in riƙa tauna ɗanyar tafarnuwa ƙwaya uku da lemon tsami kafin in ci komai. Na yi kwana goma, muryar ba ta buɗe ba, sai ƙwannafi da zafin ƙirji kamar an zuba barkono. Ko in ƙara yawanta ne?

Anti Binta: Baba Ladan, ka daina. Tafarnuwa ɗanya da tsami a cikin da babu komai suna tayar da ƙwannafi da gyambon ciki, kuma tsamin cikin da ke tasowa shi kansa yana disa murya. Ka sha ruwan ɗumi, ka kurkure maƙogwaro da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, ka rage ɗaga murya tunda akwai lasifika. In dushewar ta kai sati uku a duba maka. In kuma likita ya ɗora ka a kan maganin tsinka jini, ka gaya masa kafin ka yawaita tafarnuwa ko citta.

Baban Ummi, wajen Minjibir: Maman Sadiƙ, ki haska fitilar waya ki leƙa bakin yaron yanzu. A 2023, lokacin da mashaƙo ya yi tsanani a Kano, ɗan ƙanina ya fara da ciwon wuya da ɗan zazzaɓi. Kwana huɗu muna citta da kanumfari, har ana zancen kiran wanzami ya cire belu. Sai wuyan ya kumbura ta waje, numfashinsa yana ƙara. Da aka leƙa, wani abu fari-fari mai ruwan toka ya shimfiɗe a can ciki kamar fata. An kwantar da shi, ya rayu, amma likita ya ce jinkirinmu ya kusa cin ransa. Bai yi allurar rigakafi ba.

Anti Binta: Abin da ya fi damuna da shayi ke nan, kwanakin da yake cinyewa. In an ga wannan shimfiɗar kada a kankare ta, jini take yi, a tafi asibiti a ranar. Haka in wuya ya kumbura, ko yaro yana dalalar da yawu ya kasa haɗiyar ruwa, ko numfashi na yi masa wuya. Akwai kuma ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi mai zafi da farin ruwa a can cikin maƙogwaro, ba tari ba majina, wanda ke buƙatar cikakken maganin asibiti, don in an bar shi yakan taɓa zuciyar yaro daga baya. Maman Sadiƙ, katin rigakafinsa ya cika?

Maman Sadiƙ: Na leƙa, ja ne kawai, ban ga fari ba, kuma yana majina. Ya sha kunu da zuma ya yi barci. Katin kuwa na duba, allura biyu aka yi masa ta cinya, ta ukun muna biki a Gumel ba mu koma ba. Babansa ya ce gobe da safe zai kai mu a babur. Inna dai ta riga ta tsinko ganyenta, ta ce da shi ta raini 'ya'ya tara. Na roƙe ta ta bari mu dawo tukuna, ta yi shiru ba ta amsa ba.